Kurakuran da suke kumbura adadin marasa lafiya a rajistar asibiti

Wani akawun kati a wata ƙaramar asibiti ya zauna ƙarshen wata zai cika fom ɗin da ake kaiwa ƙaramar hukuma, wanda daga can ake shigar da shi manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, sai ya ga rajista ta ce sabbin marasa lafiya 410, amma sabbin katunan da ya yanka a watan 340 ne kacal. To ina sauran 70 suka fito?

Da ya bi layi-layi sai ya gane ashe mai taya shi aiki ranar kasuwa duk wanda ya zo sabo yake rubuta shi, ko da jiya ya zo yau ya dawo allura. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, haɗa yawan zuwa da yawan mutane. Mai hawan jini da ya zo sau uku a wata, zuwa uku ne amma mutum ɗaya. Gyaran ba wuya, kafin ka rubuta ka tambaya, "Baba, ka taɓa yankar kati a nan?" kuma duk wata ka gwada adadin sabbi da katunan da suka fita.

Na biyun ya fi wahalar kamawa, don lissafin kati ba ya nuna shi. Mace ta ɓatar da kati, layi ya yi tsawo, akawu ba zai tsaya neman tsohon fayil ba kawai sai ya yanka mata sabo da sabuwar lamba, kuma wancan karon an rubuta A'isha yanzu Aishatu, ko ma Indo, shekarun ma kintata aka yi. A cikin 340 ɗin nan ya samu 25 masu tsohon fayil, kenan sabbin gaske 315 ne. A awon ciki abin ya fi ɓarna, sai zuwan farko ya yi yawa a takarda, a zaci mata suna farawa suna gudu alhali suna nan suna zuwa.

Yadda ya kamo 25 ɗin nan, ya zuba sunayen tsofaffi da sabbi a Excel, lambar waya a C, unguwa a D, sai ya sa wannan a E2 ya ja shi har ƙasa:

```
=COUNTIFS(C:C,C2,D:D,D2)
```

Duk layin da ya ba da sama da 1 ya ware shi. Amma don Allah kar ka danna Remove Duplicates daga nan, saboda wayar maigida ɗaya ce matansa biyu da yara duk ita suke bayarwa, ga tagwaye ma ranar haihuwa ɗaya uba ɗaya. Sai ka ciro fayilolin ka duba da ido. In mutum ɗaya ne a haɗe takardun ƙarƙashin tsohuwar lamba, a rubuta a jikin sabon katin inda aka mayar da shi, sannan a sanar da jami'in bayanai na ƙaramar hukuma in an riga an tura adadin.