Wa zai yi aikin? Aikatau mai ɗaukar mai shi a harshen Fotugis

Duk wanda ya sauka Fotugal da niyyar zama, makonninsa na farko a wajen takardu suke ƙarewa: lambar haraji da ake kira NIF a ofishin Finanças, shaidar wurin zama daga ofishin hukumar unguwa da ake kira Junta de Freguesia, ganawa da AIMA, hukumar kula da baƙi masu shigowa ƙasar, wadda ta gaji tsohuwar hukumar SEF a shekarar 2023, ga kuma yarjejeniyar hayar ɗaki. A cikin waɗannan takardu da saƙonnin waya da ke biyo bayansu, sabon zuwa zai riƙa cin karo da kalmomi irin su trazerem da assinarmos, waɗanda idan ya buɗe ƙamus ba zai same su ba, domin trazer da assinar kaɗai ƙamus ya sani. Wannan siga ita ake kira infinitivo pessoal, kuma ina ganin ya fi kyau mutum ya san ta tun kafin ya kai gare ta a aji, saboda sau da yawa ita kaɗai ce ke faɗin wanda nauyin wani aiki ya rataya a wuyansa.

Aikatau yadda yake a ƙamus, kamar falar (yin magana) ko comer (cin abinci), ba ya nuna lokaci, ba ya kuma nuna mai yin aikin. A Faransanci da Turanci, waɗanda yawancinmu muka zo da ɗayansu daga Nijar ko Najeriya ko Gana, haka yake zama tsirara a ko'ina. Fotugis kuwa ya ba shi damar ɗaukar ɗafa-ƙeya mai nuna wanda zai yi aikin, ba tare da ya ɗauki lokaci ba. Idan ni ne ko shi ko ita, ba a ƙara komai, falar ne kawai. Idan kai ne ko ke, sai a ce falares, kuma a bakin mutanen Lisbon harafin ƙarshen nan kamar "sh" ake jin sa. Idan mu ne sai falarmos, idan su ne sai falarem. Akwai falardes na vós, tsohuwar kalmar da ke nufin ku, wanda za a gani a littattafai da huɗubar coci da bakin wasu mutanen arewacin ƙasar, amma sabon zuwa ba ya bukatar amfani da shi. Abin lura shi ne você, wato kai ko ke na girmamawa, yana tafiya da sigar shi ko ita, vocês kuma, wato ku, yana tafiya da sigar su.

Sauƙin abin shi ne babu aikatau ko ɗaya da ke bijire wa wannan tsari. Ser da ter da ir da fazer, waɗanda ke wahalar da mai koyo a kowane lokaci na nahawu, a nan sun bi layi: sermos, termos, irmos, fazermos. Ana ɗaukar kalmar ƙamus ne a manna mata ƙeyar, iyakaci a rubutu a kula da alamar da ke hawa kan wasalin i a irin saíres da saírem.

Bahaushe ya riga ya san wannan tunani daga harshensa, ko da bai taɓa sa masa suna ba. Muna cewa "kafin tafiya" idan ba mu damu da mai tafiyar ba, muna kuma cewa "kafin mu tafi" ko "kafin su tafi" idan muna son a san ko wane ne. Haka antes de sair yake da antes de sairmos da antes de saírem. "Gara mu tafi" shi ne é melhor irmos, "don ku gani" shi ne para verem, "har su iso" kuma até chegarem. Wuraren da sigar ke fitowa ke nan mafi yawa: bayan ƙananan kalmomi irin su para da sem da até da antes de da depois de da apesar de, da kuma bayan furucin da ba shi da mai shi, kamar é preciso da é melhor da é importante. Ƙa'idar da ta fi ƙarfi ita ce, idan aikatau ɗin yana da mai yin aiki nasa na kansa, wanda ya bambanta da na babbar jimla, to dole ne ya dace da shi. A jimlar Trouxe os documentos para vocês verem, ni na kawo takardun, ku ne za ku gani, saboda haka ver ya zama verem.

Na ga nauyin wannan ƙeya da idona a Amadora, wani gari da ke dab da Lisbon, lokacin da wasu samari biyu 'yan gida ɗaya za su tashi daga ɗakin haya. Mai gidan ta aiko musu da saƙo cewa: Devolvo a caução depois de pintarem o quarto. Babban cikinsu ya gane devolvo, zan mayar, ya gane caução, kuɗin ajiyar da aka karɓa hannunsu ranar shiga, ya kuma gane pintar, shafa fenti. Sai ya ɗauka matar tana cewa za ta mayar musu da kuɗinsu bayan ta yi wa ɗakin fenti, suka kwashe kayansu suka zauna jira. Da abin da take nufi ke nan, da ta rubuta depois de pintar o quarto, domin idan babu ƙeya, hankali yana komawa ne kan mai magana a babbar jimla, wato ita. Haruffa biyun nan na ƙarshe sun ɗauke aikin daga kanta sun ɗora shi kan wasu mutane fiye da ɗaya. Da suka nuna mini saƙon bayan kusan mako uku, na ce musu tambaya ɗaya ta rage, domin pintarem na iya zama ku, na iya zama su, wato masu fenti da za ta ɗauko. Muka rubuta mata: É para pintarmos nós? Ma'ana, mu ne za mu yi fentin? Ta amsa cewa su ne za su yi, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da suke bukata don biyan sabon ɗaki ya yi ta zama a hannun wani saboda haruffa biyu. Duk inda -em ya bar shakka a maganar kuɗi ko wa'adi, a tambaya, kuma idan mutum shi ne mai rubutun, ya saka vocês ko eles, wato ku ko su, a gaban aikatau ɗin.

Sai dai akwai wuri ɗaya da Hausa ke jan mu zuwa kuskure, kuma na ji shi a bakin 'yan'uwa da yawa da suka fara sabawa da sigar. Mu muna cewa "muna so mu tafi", muna maimaita mai aikin sau biyu, sai mutum ya ɗauko wannan ya ce queremos irmos ko podemos entrarmos. Fotugis ba ya karɓar haka. Idan aikatau ya biyo bayan mataimaki irin su poder da dever da querer da ir da ter de da começar a, su biyun sun zama abu ɗaya mai mai aiki ɗaya, kuma na farkon ya riga ya nuna shi: queremos ir, podemos entrar, temos de pagar, vamos assinar. Haka nan estamos a trabalhar, muna aiki, yadda ake faɗa a Fotugal. Idan kuma mai so daban ne da mai yi, querer ba ya ɗaukar wannan siga ko kaɗan, sai dai a bi ta que: quero que vocês venham, ina so ku zo. Pedir da dizer kuwa suna karɓar ta ta hanyar para, shi ya sa za a ji A funcionária disse para voltarmos amanhã, ma'aikaciyar ta ce mu dawo gobe.

Tsakanin dole da hani akwai fili na zaɓi. Idan mai aikin ɗaya ne a ɓangarorin jimlar biyu, Saímos cedo para apanhar o comboio da para apanharmos o comboio duk daidai ne, mun fita da wuri don mu kama jirgin ƙasa. Ana fi son ƙeyar idan aikatau ɗin ya zo a farkon jimla ko ya yi nisa da mai shi, kamar Para renovarmos o título, precisamos de marcação, wato don mu sabunta takardar izinin zama, sai an sa mana ranar ganawa, domin mai sauraro ya san tun farko cewa mu ake nufi. Sanarwar da ke kan bango kuwa, irin su É proibido fumar, an hana shan taba, ba ta da ƙeya saboda ba da wani mutum guda take magana ba.

Ga masu rubuta wasiƙa zuwa ofis ko shirin jarrabawar harshen Fotugis ta matakin A2, abu biyu ƙanana suna fitowa daga wannan ƙa'ida. Mai aikin da ke gaban aikatau yana zuwa ne a sigar mai yi, don haka para eu assinar ake cewa, don in sa hannu, ba para mim assinar ba, ko da yake ana jin na biyun a bakin wasu a Barazil. Sannan a rubutu na hukuma ba a haɗe de da kalmar da ke bin sa idan ita ce mai aikin: antes de o senhorio chegar, kafin mai gidan haya ya iso, antes de eles chegarem, kafin su iso, duk da cewa a magana za a ji antes do da antes deles.

Ruɗani na ƙarshe yana zuwa ne daga wata siga da ake kira futuro do conjuntivo, wadda ke bin se da quando idan ana maganar abin da bai faru ba tukuna. A aikatau masu bin tsari, sigogin biyu kamanninsu ɗaya ne: quando chegarmos da até chegarmos. Wannan kama ce ke sa mutum ya zaci abu guda ne, sai ya ce quando termos o NIF, alhali daidai shi ne quando tivermos o NIF, idan mun samu lambar, amma depois de termos o NIF, bayan mun same ta. Haka fazermos yake da fizermos, irmos kuma da formos. Hanyar rarrabewa ita ce a dubi kalmar da ke gaba: bayan para da sem da até da de, kalmar ƙamus ake ɗauka a ƙara mata ƙeya, bayan se da quando kuma ɗayar sigar ce. Ver da vir ne suka fi bukatar natsuwa, domin virmos yana da fuska biyu. A cikin antes de virmos, daga vir yake, kafin mu zo. A cikin quando virmos o contrato, daga ver yake, idan mun ga yarjejeniyar, kuma wanda ke son ya ce idan mun zo, quando viermos zai ce.