Darasi na 9: Jawabin Godiya a Ƙarshen Taron Bita

A ranar rufe taron bita, yawanci akan zaɓi mutum ɗaya daga cikin mahalarta ya yi magana a madadin saura. Mai gabatarwa zai miƙo maka makirfo ya ce, "Malam, minti uku kake da shi." A cikin minti ukun nan ana son abu biyu daga gare ka: ka taƙaita abin da aka koya, kuma ka gode wa malaman da suka koyar. Lokacin ya kan zo ne dab da La'asar, jama'a sun gaji, waɗanda za su koma Goronyo ko Gwadabawa hankalinsu ya riga ya tafi tasha. Saboda haka ba rowa aka yi maka ba da aka ce minti uku.

Inda lokacin ke tafiya

Minti uku sakan 180 ne. Mai magana a natse, ba gudu ba jan rai, zai faɗi kalmomi kamar 300 zuwa 350 a cikinsa. Ka raba shi haka: sakan 30 na sallama da gaisuwa, sakan 90 na abin da aka koya, sakan 45 na godiya, sauran sakan 15 na neman afuwa da addu'a.

Gaisuwa ce ke cinye mafi yawan masu jawabi. A Sakkwato ba a tsallake manya, kuma bai kamata a tsallake su ba. Amma idan ka ce sai ka ambaci kowa da sarautarsa, minti biyu zai wuce kana kan teburin manyan baƙi, ba ka taɓa darasi ko ɗaya ba. Ga kuma wata matsala: wanda ya jero mutum tara ya manta na goma, na goman nan kaɗai za a riƙa maganarsa bayan an tashi. Mafita ita ce ka ambaci biyu ko uku mafiya girma, bisa jerin da mai gabatarwa ya bi da farko, sannan ka haɗa saura a jumla ɗaya. Kafin a kira ka, je wurin mai gabatarwa ka tambayi daidai sunan kowane malami da muƙaminsa, ka rubuta. Kada ka dogara da abin da kunnenka ya tsinta a lasifika.

Yadda ake zaɓen abin faɗa

Mu ɗauki misali. An yi bitar kwana uku ga manoman albasa kan yadda za a rage ruɓewa bayan girbi. An yi magana kan iri, taki, ban ruwa, cira, shanya, ajiya, awo da kasuwa. Wanda bai saba ba zai fara cewa, "Ranar farko an buɗe da addu'a, sai aka yi rajista, sai Malam ya tashi..." Wannan ba taƙaitawa ba ce, karanta jadawali ne, kuma kowa a ɗakin yana nan aka yi.

Daren da za a rufe, buɗe littafinka ka yi wa kanka tambaya guda: in na koma gida, me zan yi dabam da yadda na saba? Duk abin da ya amsa tambayar nan, ja masa layi. Za ka iya samun bakwai ko takwas. Tsame uku, ka bar saura. Manomin albasa zai iya tsayawa kan waɗannan: a tsayar da ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar albasa ta sha iska har wuyanta ya bushe kafin a adana ta, a kuma ware mai rauni daga lafiyayya a ajiye a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa inda iska ke ratsawa. Ka lura kowanne aiki ne da hannu zai yi. "Mun ƙaru ƙwarai da gaske" magana ce mai daɗi, amma ba ta nuna wa malami cewa darasinsa ya shiga ba.

Godiya ma haka take. "Mun gode wa malamanmu baki ɗaya" kowa na iya faɗa, har wanda ya yi gyangyaɗi kwana ukun. Godiyar da ke isa zuciya ita ce wadda aka ɗaura ta a kan wani abu da malamin ya yi da kowa ya gani. In malamai biyu ne ko uku, ba kowa jumla ɗaya, tsawonsu ya zo kusan daidai, don kada a ce ka fifita wani.

Ga yadda jawabin zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe Uban Ƙasa, shugaban wanga taro, malamanmu, da dukkan iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku a madadin mahalarta.

"Kwana uku muna nan, kuma abu uku za mu koma da su gona. Na farko, da yawanmu muna ba albasa ruwa har ranar cira don ta yi nauyi. Yanzu mun gane ruwan nan shi ke ruɓar da ita, za mu tsayar da shi mako biyu kafin cira. Na biyu, ba za mu ƙara adana albasa wuyanta na ɗanye ba. Na uku, za mu ware mai rauni mu sayar da ita da wuri, lafiyayya kuma mu ɗaga ta daga ƙasa inda za ta sami iska.

"Malam Wane, kai ka yanka albasa biyu gabanmu ka nuna muna inda ruɓa ke farawa, mun gani da idonmu. Malama Wance, kin maimaita muna lissafin asara har sai da na bayan ɗaki ya gane, ba ki ƙosa ba. Waɗanda suka shirya taro, da waɗanda suka dafa abinci, mun gode. Inda muka saɓa maku, ku yafe muna. Allah shi saka da alheri, shi mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum."

Wannan bai ma cika minti uku ba, kuma hakan ya fi. Ragowar lokacin zai tafi a amsa sallama, da "amin", da dariyar da za a yi in an ambaci ban ruwa.

Wani lokaci 'yan'uwa za su matsa maka ka sa ƙorafi a ciki, misali kuɗin mota bai fito ba. Wannan ba wurinsa ba ne, a same masu shirya taro a gefe. Roƙo ɗaya da ya shafi karatun, kamar a dawo lokacin girbi a duba aikinku, shi yana iya shiga kafin addu'a.

Aikin aji

Kada ka rubuta jawabin duka, don wanda ke karantawa kansa na ƙasa, muryarsa ma ta bi shi. A ƙaramar takarda rubuta sunayen malamai da kalma uku da manyan baƙaƙe: RUWA, WUYA, ISKA. Yanzu ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya tuna wani taro da ya taɓa halarta ya yi jawabinsa a tsaye, ɗayan ya riƙe agogon waya. In sakan 30 ya cika ana kan gaisuwa, mai agogo ya ɗaga hannu a sake daga farko. Bayan an gama, mai agogo ya faɗi abu ukun da ya ji ba tare da duba takarda ba. In ya kasa kawo su, mai jawabi ya rage magana ya sake gwadawa, sannan ku yi musanya.