Yadda Ake Gyara Jimilla A Excel Idan Lambobi Sun Zama Rubutu

Akawun wani dillalin albasa a Kasuwar Kara ta Sakkwato ya haɗa kuɗin da aka biya a rana ɗaya cikin Excel. Wasu ya buga da hannunsa, wasu ya kwafo daga bayanin banki, ɗaya kuma yaron shago ne ya turo masa ta waya. Layi shida ne kacal, daga B2 zuwa B7: 45000, 120000, 38500, 72000, 15000, sai N9,500. Duk wanda ya haɗa su da kalkuleta zai samu 300,000. Amma da ya rubuta wannan:

```
=SUM(B2:B7)
```

sai Excel ya ba shi 98,500. Bai yi ƙorafi ba, bai nuna alamar kuskure ba, ya dai bar naira 201,500 a waje ya yi shiru. Wannan shirun shi ne abin tsoro, domin a layi shida ido zai kama, amma a layi ɗari huɗu babu mai lura sai ranar da maigida ya ƙirga kuɗin hannu suka saɓa da na takarda.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Abin da ke cikin akwati ɗaya na Excel yana iya zama lamba, yana iya zama rubutu, kuma a ido iri ɗaya suke. 120000 da aka ajiye a matsayin rubutu, a wurin Excel daidai yake da kalmar "Goronyo" ko "Wurno": haruffa ne shida a jere. Shi kuwa SUM an gina shi ne ya tsallake duk wani rubutu da ya tarar cikin jerin da aka ba shi, don kada taken kolum ko wani ɗan bayani ya ɓata lissafi. A misalinmu 45000, 38500 da 15000 ne kawai lambobin gaskiya, su ne suka ba da 98,500.

Abin da ke ƙara rikita masu koyo shi ne alamar tarawa ba haka take aiki ba. Idan ka rubuta `=B2+B3` za ka samu 165000 lafiya lau, domin alamar + tana tilasta wa Excel ya gwada mayar da rubutun lamba kafin ya haɗa. Sai mutum ya ce ai lambobin lafiyarsu ƙalau, SUM ne ya lalace, alhali SUM yana yin aikin da aka tsara masa ne.

Ka fara gano marasa lafiyar kafin ka taɓa komai

Ana cewa a duba gefe: lamba tana jingina da dama, rubutu da hagu. Gaskiya ne, amma sai idan babu wanda ya daidaita kolum ɗin a tsakiya don ado, kuma yawancin takardun ofis an yi musu haka. Ɗan koren tabon nan da ke fitowa a kusurwar hagu ta sama shi ma ba ya fitowa kullum. A kan N9,500 ba za ka gan shi ba. Kada ka dogara da su. Ka yi ƙidaya biyu a wani akwati da babu komai:

```
=COUNT(B2:B7)
=COUNTA(B2:B7)
```

Na farko lambobi kawai yake ƙirgawa, na biyu yana ƙirga duk akwatin da ke da wani abu a ciki. A nan za ka ga 3 da 6. Ke nan akwatuna uku rubutu ne. Don ka san ko waɗanne ne, rubuta `=ISTEXT(B2)` a D2 ka ja shi ƙasa. Inda TRUE ya fito, a nan matsalar take. Ni a ganina duk takardar kuɗi ya kamata a bar waɗannan ƙidaya biyun a ƙarƙashin jimilla har abada, ba sai an ga matsala ba.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa. Mutum zai zaɓi kolum ɗin, ya je inda aka rubuta Text a sama ya canza shi zuwa Number, ya koma ya duba jimilla, ya tarar tana nan 98,500. Sai ya sake, sai ya rufe fayil ya buɗe, har wani ya ce a kai kwamfutar wurin mai gyara. Canza Text zuwa Number riga ce kawai aka sauya wa akwatin. Abin da ke ciki yana nan rubutu har sai an sake shigar da shi, wato ka danna F2 sannan Enter a kowane akwati ɗaya bayan ɗaya. A layi shida za a iya, a ɗaruruwa ɓata yini ne.

Gyara da VALUE

Ka buɗe sabon kolum kusa da na kuɗin, a ce C. Kafin ka rubuta komai, tabbatar kolum C ɗin yana kan General. Idan ka saka sabon kolum kusa da wanda ke kan Text, yakan gaji halinsa, kuma fomular da ka buga za ta zauna a fili kamar rubutu ba tare da ta lissafa komai ba. A C2 rubuta:

```
=VALUE(B2)
```

Ja shi har C7. VALUE yana karɓar rubutun da ya yi kama da lamba ya mayar da shi lamba ta gaskiya. Wanda dama lamba ne kuma ya bar shi yadda yake. C3 zai ba da 120000, ya jingina da dama. Amma C5 da C7 za su nuna #VALUE!, kuma duk jimillar da ka ɗora a kan kolum C ita ma za ta nuna haka. Kada ranka ya ɓaci da wannan, ya fi shirun farko amfani nesa ba kusa ba, domin yanzu Excel yana nuna maka da yatsa inda datti yake.

Na C7 a fili yake: harafin N ne a gaba. Waƙafin da ke cikin 9,500 ba matsala ba ne muddin kwamfutar tana amfani da waƙafi wajen raba dubbai, kamar yadda aka saba a nan. Na C5 shi ne mai wahalar da mutane, saboda 72000 a ido babu abin da ya same shi. Auna tsawonsa:

```
=LEN(B5)
=CODE(RIGHT(B5,1))
```

Lambobi biyar ne, amma LEN zai ce 6. Akwai wani harafi da ba a gani a ƙarshe, kuma na biyun zai gaya maka ko wane ne: 160. Wani irin fili ne da shafukan intanet ke sakawa, yana biyo lambobin da aka kwafo daga shafin banki ko imel. Filin da aka saba bugawa lambarsa 32, kuma shi VALUE yana jure shi a gaba ko a bayan lamba. Na 160 ne ba ya jurewa, TRIM ma ba ya cire shi, shi ya sa masu cewa "sa TRIM kawai" suke barin mutum a tsakiyar hanya. Sai an tsince shi da sunansa:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160),""),"N",""))
```

Karanta ta daga ciki zuwa waje: an cire filin 160, an cire N, sannan aka miƙa wa VALUE abin da ya rage. Ja ta daga C2 zuwa C7, `=SUM(C2:C7)` zai ba da 300,000. SUBSTITUTE yana bambanta babban harafi da ƙarami, don haka idan wani ya rubuta n9,500 ko NGN, sai ka ƙara masa nasa. Kuma kada ka ja wannan fomular zuwa layukan da babu komai, domin a kansu ma #VALUE! za ta ba ka.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake hana kowa bi: naɗe fomular farko, wato `=VALUE(B2)`, cikin IFERROR don kuskuren ya koma sifili. Takarda za ta yi tsaf, amma 72,000 da 9,500 sun sake ɓacewa cikin shiru, an koma gidan jiya.

Alamar ɗebewa sau biyu

Maimakon VALUE, kana iya rubuta:

```
=--B3
```

Alamar farko tana son mayar da abin ya zama na ƙasa da sifili, kuma ba a yi wa rubutu haka, don haka dole Excel ya mayar da shi lamba tukuna: -120000. Alama ta biyu ta juyo da shi 120000. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, irin tilastawar da alamar + ta yi ɗazu. `=B3*1` da `=B3+0` ma haka suke yi. Wanda ya sa alama ɗaya kawai zai ga duk kuɗinsa sun koma bashi. Datti kuwa yana kayar da ita kamar yadda yake kayar da VALUE: `=--B7` #VALUE! ne.

Inda ta fi amfani shi ne lokacin da ba ka son ƙarin kolum, ko takardar ta wani ce ba a so ka taɓa ta. Idan lambobin rubutu ne amma masu tsabta, wannan ya isa:

```
=SUMPRODUCT(--B2:B7)
```

Na fi son SUMPRODUCT a nan domin yana aiki a tsohon Excel da sabo, kuma kwamfutocin shagunan buga takardu da yawa tsoho ne a kansu. Sai dai akwati ɗaya mai datti, ko taken kolum idan ka haɗa da B1, zai kayar da jimillar duka. Bambanci ɗaya na gaske tsakanin hanyoyin biyu: alamar biyu tana mayar da TRUE ya zama 1, FALSE ya zama 0, VALUE kuwa ba ya yi. Shi ya sa `=SUMPRODUCT(--ISTEXT(B2:B7))` zai ƙirga maka akwatunan rubutu kai tsaye, ya ba da 3. A takardar da wani zai gada bayanka ka yi amfani da VALUE, don wanda bai san dabarar ba yakan ɗauka kuskuren bugu ne ya goge alama ɗaya.

Da ka gamsu da kolum C, kwafe shi, ka mayar da kolum B kan General, ka liƙa a kansa ta Paste Special sannan Values, ka goge C. Sake duba COUNT da COUNTA, su zo daidai.

Kolum ɗin kuɗi da na adadin buhu kawai ake yi wa wannan aikin. Lambar waya, lambar asusun banki mai lamba 10 da lambar katin ɗan ƙasa a bar su rubutu. Idan ka bi da su ta VALUE, sifilin farko zai faɗi, lambar waya mai 11 ta koma 10. Excel kuma lambobi 15 kawai yake riƙewa daidai, don haka lambar katin cirar kuɗi mai 16 idan ta zama lamba, ta ƙarshenta sifili za ta koma, kuma mayar da akwatin kan Text ba zai dawo da ita ba.