Darasi: Takardun neman jami'a ko tallafin karatu, da yadda ake tabbatar da kwafinsu

Kafin ka haɗa komai, karanta sanarwar da jami'a ko masu ba da tallafin suka fitar, domin abin da suka lissafa shi za su duba. Galibi sukan nemi satifiket na kammala makaranta, da takardar sakamako, da takardar haihuwa, da katin shaida ko fasfo. Biyun farko mutane sukan ɗauka abu ɗaya ne, alhali sun bambanta. Satifiket yana nuna ka gama, takardar sakamako kuwa tana jera darussan da ka yi da makin kowanne. Mai neman digiri na biyu yakan buƙaci duka biyun, kuma wasu jami'o'in ba sa karɓar takardar sakamako sai tsohuwar makarantarka ce ta aiko musu da kanta.

Kada ka aika takardarka ta asali in ba an ce lallai ita ake so ba. In ta ɓata, samun wata wahala ce babba. Kwafi za ka tura, amma wanda aka tabbatar.

Ga yadda ake yi. Ka yi fotokofi daga takardar asali, gaba da baya idan bayan yana da rubutu, kada gefe ya yanke. Sai ka ɗauki ta asalin tare da kwafin ka je wurin wanda aka ba ikon tabbatarwa: rajistaran makarantar da ta ba ka takardar, ko kwamishinan rantsuwa, ko lauyan da ke da wannan izini. Zai ajiye su kusa da juna ya gwada, sannan ya rubuta a jikin kwafin cewa ya ga ta asali kuma kwafin daidai yake da ita. Ya sa sunansa, da muƙaminsa, da kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimi. Kafin ka tashi, duba kowane shafi ya samu nasa hatimin, kuma tawadar ba ta rufe maki ko suna ba. Kai ba ka tabbatar wa kanka, ɗan'uwanka ma wurare da yawa ba sa yarda da nasa. Kwafin da aka sake ɗauka daga wanda aka buga wa hatimi ya koma fotokofi kawai.

A ce satifiket ɗinka an rubuta Muhammad, fasfonka kuma Mohammed. Mai tabbatarwa ba zai gyara wannan ba, aikinsa gwada kwafi ne da asali. Sai ka yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu naka ne, ka haɗa da sauran. Ka fara wannan da wuri, don kada ranar rufe karɓa ta riske ka.

Idan karatun a wata ƙasa ne, tambaye su ko suna son fassarar ƙwararren mai fassara, da ƙarin shaidar hukuma da ake kira afostil, wadda ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Heg ta 1961 suke karɓa a tsakaninsu.

Aiki: Ɗauko takardunka, ka gwada suna da ranar haihuwa a kowacce, harafi bayan harafi.