Yadda ake karanta mita da takardar kuɗin wuta

Kafin ka biya kuɗin wuta, ka lissafa da kanka. Lamba uku kawai kake buƙata: karatun mita na watan jiya, na wannan watan, da farashin yunit ɗaya.

Fara da mitar. Lambar da ke kusa da kWh ita ce yunit. Yunit ɗaya shi ne wutar da dutsen guga mai wat 1,000 zai sha cikin awa guda. Ƙwan fitila mai wat 10 kuwa sai ya kai awa 100 a kunne. A mitar da ake kawo wa bil lambar hawa take yi, a mita mai kati kuma sauka take yi, don ragowar abin da ka saya take nunawa. Ranar da ma'aikaci ya zo karatu, kai ma ka ɗauki hoton mitar.

Sai ka koma takarda. Mu ce karatun baya 4,310 ne, na yanzu 4,460. Ka cire na baya daga na yanzu, ka sha yunit 150 ke nan. Idan karatun da aka rubuta ya zarce abin da mitarka ke nunawa yau, to ba a duba ta ba, ƙiyasi aka yi maka.

Farashi kuma ya danganta da rukunin layin da ke ba unguwarku wuta. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kasa layukan gida biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Nan ne wurin lura, domin wanda aka rubuta wa A alhali wutar awa 10 yake gani yana biyan tsadar abin da bai samu ba.

Mu ɗauki farashin rukunin A na Yulin 2024, naira 209.50. Yunit 150 ya kama naira 31,425. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya ƙara kusan 2,357, kuɗin watan ya zama 33,782. Abin da ya hau kan wannan yawanci tsohon bashi ne, kuma layinsa daban yake a takardar. Duba ko an cire abin da ka biya a watan jiya. Shi ya sa ba a yar da rasit.

Mai kati lissafinsa ta baya yake farawa. A naira 10,000 haraji zai ci kusan 698, ragowar 9,302 ta sayi yunit 44.4 a wancan farashin na rukunin A. In ka ga ƙasa da haka, duba rasit, galibi bashi ake cirewa.

Idan lissafi bai dace ba, kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, haɗe da hoton mita da rasit, ka kuma karɓi shaidar sun amsa.