Yadda ake lissafin matakan shugabanci idan an ba ka yawan ma'aikata a jarrabawa

Ɗaliban nazarin harkokin kasuwanci a Jos sun san tambayar nan da ke yawan fitowa a kwas ɗin sarrafa ma'aikata: a ba ka yawan ma'aikata, a ba ka adadin mutanen da kowane shugaba ke kula da su kai tsaye, wato faɗin kulawa, sai a ce ka fitar da manajoji da matakansu. Rabawa ce kawai, amma a nan maki ke zubewa.

A ce wata masana'anta tana da leburori 729, kowane shugaba yana riƙe da mutum 3. Daga ƙasa za ka fara. Raba 729 gida 3, ka samu masu duba aiki 243. Su ma suna da na gaba da su, don haka ka sake rabawa: 81, sai 27, sai 9, sai 3, sai 1. Da ka kai 1 ka tsaya, shi ne babban manaja. Sau nawa ka raba? Shida. Matakan shugabanci 6 ke nan, manajoji kuwa idan ka tara su 364 ne.

Yanzu faɗaɗa kulawar zuwa mutum 9. Za ka samu 81, sai 9, sai 1. Matakai sun koma 3, manajoji 91. An rage albashin mutum 273, kuma saƙon lebura ta hannu uku kaɗai zai bi ya kai sama. Sai dai mai riƙe da mutum tara ba zai sa wa kowa ido kamar mai uku ba, shi ya sa faɗaɗawa ta fi dacewa da ƙwararrun ma'aikata masu aiki iri ɗaya a wuri ɗaya. Rubuta wannan dalilin a amsarka.

Idan rabawar tana fita daidai har zuwa 1, gwada jimillar manajojinka da wannan dabarar: cire 1 daga yawan leburori, cire 1 daga faɗin kulawa, sai ka raba na farko da na biyu:

```
(729 - 1) / (3 - 1) = 364
```

Inda ake faɗuwa shi ne ragowa. Ma'aikata 500, faɗin kulawa 8, ya ba da 62.5. Babu rabin mutum, kuma huɗun da suka rage ba za a bar su ba mai duba su ba, sai ka cike zuwa 63. Raba 63 gida 8 ka cike zuwa 8, sai 1. Manajoji 72, matakai 3. A nan dabarar gwajin can ba ta aiki.

Sannan ka karanta tambayar da kyau. In matakan shugabanci aka ce, kar ka ƙirga leburori. In matakan ma'aikatar baki ɗaya aka nema, ƙara nasu: 6 ta zama 7, 3 ta zama 4. Ni dai shawarata, rubuta wanda ka ɗauka a layin farko, don mai makin ya ga inda ka dosa.