Yadda za ka rubuta wa ɗan kwangila koke in ya ɓata maka aikin gida a Kumasi

Da farko kar ka kira shi kana faɗa a waya, a nan Kumasi "zan zo gobe, Alhaji" kawai za ka ji. Zagaya gidan da safe da biro, kana ƙwanƙwasa tayil da kuɗin ƙarfe, wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙasansa, sa masa alama ka ɗauki hoto. Watsa bokitin ruwa a banɗaki, in ruwan ya kwanta bai bi magudana ba to gangaren bai yi ba.

Sai ka rubuta kowane aibu da ɗakinsa, kar ka ce "aikin bai yi kyau ba" kawai. Misali: "Maigida, a falo tayil 6 sun ɗaga, fentin bangon kicin yana ɓarewa don an shafa shi filasta ba ta bushe ba, ƙofar banɗaki ba ta rufuwa."

Sa ranar ƙarshe da lamba, sati 2 ya isa, ka ce ragowar kuɗinsa, misali sidi dubu 5, na hannunka sai ya gyara, in ranar ta wuce za ka kira wani magini ka biya daga ciki. Sa hannu, ka ba shi gaban shaida, ka ajiye kwafi.